Yadda ake haɗa baiti da kiɗa wajen nazarin waƙar adawa: misali da Zombie ta Fela

Tambaya: Malam barka da warhaka. Ina rubuta furojet ɗina ne akan waƙoƙin adawa da gwamnati, na rubuta baitocin na yi musu sharhi amma sufabaizana ya dawo min da shi wai na yi nazarin rubutacciyar waƙa ne kawai, ban taɓo kiɗan ba kuma ban nuna yanayin siyasar lokacin ba. Ni kuma ban karanci kiɗa ba. Ta ina zan fara don Allah?

Barka kadai ƙanena. Gaskiya malamin naka ya faɗa, kuma ba sai ka iya karanta alamomin kiɗa irin na Turawa ba kafin ka gyara. Abin da kake buƙata kunne ne da agogo da takarda, sai haƙurin jin waƙa ɗaya sau goma ko fiye. Zan ɗauki waƙa guda in bi ta da kai, wato Zombie ta Fela Anikulapo Kuti da ƙungiyarsa Africa 70, wadda ta fito a Legas a 1976. Na zaɓe ta ne saboda ita ce na fi koyar da ɗalibai da ita, kuma ita ce waƙar da in ka raba baitinta da kiɗanta to ka kashe ta gaba ɗaya.

Fara da abin da ka riga ka yi, ka kwafe baitocin a takarda. Za ka ga ba su da yawa ko kaɗan, da Turancin buroka ne, kuma ga abin da suke cewa a taƙaice: akwai wani abu sunansa zombi, ba ya tafiya sai an ce ya tafi, ba ya tsayawa sai an ce tsaya, ba ya juyawa sai an ce juya, ba ya tunani ma sai an ce yi tunani. In an ce je ka yi kisa zai je, in an ce je ka mutu zai je. Daga nan sai jerin umarnin fareti, ƙame, maci da sauri, maci a hankali, juya hagu, juya dama, sara, da sauransu. Shikenan. Zombi kuwa a asalinsa imani ne na mutanen Haiti, gawa ce da boka ya tayar da tsafi take masa bauta ba ta da nufin kanta, mu a Hausa da sai mu ce raƙumi da akala. To ka lura da wani abu da ɗalibai da yawa ke wucewa ba su gani ba, duk waƙar nan babu inda aka ambaci sunan shugaban ƙasa ko sunan rundunar sojan Nijeriya. Habaici ne tsantsa, ba zambo kai tsaye ba. In takarda kaɗai ka riƙe, ba za ka iya bayanin dalilin da ya sa sojoji suka ji zafinta har haka ba, domin jaridun Legas na lokacin sun sha rubuta maganganun da suka fi wannan kaifi a kan gwamnati.

Yanzu sai ka ajiye takardar ka kunna faifan, ka riƙe agogo. Waƙar ta ɗan wuce minti 12. Abu na farko da za ka rubuta shi ne a wane minti murya ta fara shigowa, kuma za ka ga sai an wuce minti 5 kiɗa zalla kafin Fela ya buɗe baki ya fara baiti. Wato kusan rabin waƙar ba ya cikin abin da ka kai wa malaminka. Me ke faruwa a wannan minti biyar ɗin? Jita biyu ne ke buɗewa, kowacce da ɗan gajeren zubinta da take maimaitawa ba ta canzawa, suna shiga tsakanin juna kamar mata biyu na daka a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke. Sai bes da ganguna su shigo, sai kuma ƙahonni, su taramfet da saksofon, su faɗo gaba ɗaya da busa gajeru masu kaifi a tare. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin fareti ranar 1 ga Oktoba ya ji badujala, kunnensa zai gaya masa wannan busar ta yi kama da ta bariki. Kenan tun kafin a furta kalma ɗaya kiɗan ya riga ya nuna da wa ake. Wannan shi ne dai aikin da take yake yi a kiɗan Hausa, in makaɗi ya saki taken wani basarake ko taken mahauta kowa a wurin ya san wanda ake nufi ko ba a kira suna ba. Baitin ya ɓoye suna, kiɗan ya tona shi. Ka ga wannan jumla ɗaya kawai ta riga ta zama nazarin baiti da kiɗa tare.

Amma ba nan zancen ya tsaya ba, kuma wannan ne wurin da nake so ka fi daɗewa. Gwada yin maci da waƙar, da gaske nake, tashi ka gwada hagu dama hagu dama a ɗakinka. Za ka ji ƙafarka na son bi amma ƙugunka da kafaɗarka na jan ka wani wajen. Dalili shi ne mai gangunan, Tony Allen, ba ya buga irin dukan maci. Kiɗan maci yana sauke nauyi ne daidai kan kowane taku don ƙafar mutum ɗari ta sauka lokaci guda, shi kuma Tony Allen yana watsa dukan ne a tsakanin takun, wani kafin wani bayan, hannu na wani abu ƙafa na wani abu. Saboda haka a sama ƙahonni na kwaikwayon bariki, a ƙasa ganguna da jita na kiran rawa. Baitin na bayanin jikin da ba ya motsi sai an ba shi oda, kiɗan kuma na sa jikin mai sauraro motsi yadda ya ga dama ba wanda ya ba shi oda. A ganina nan ne ainihin adawar take, mutumin da ke rawa a Shrine, gidan rawar Fela, yana nuna da jikinsa cewa shi ba zombi bane.

Sai batun amshi. A takarda ɗalibai kan rubuta kalmar amshi sau ɗaya su sa "sau da yawa" a gefe su wuce, alhali nan ne makamin yake. Tambayi kanka wa ke faɗin me. Fela ne jagora, shi ke kawo ɗiyan waƙar, mata 'yan amshi kuma su ke jefa kalmar zombi bayansa. Da aka zo wurin umarnin fareti sai ya canza murya, ya bar rerawa ya koma tsawa irin ta saje a filin horo, umarni na bin umarni da sauri har ya zama ba wani ɗan adam da zai iya binsu duka, juya nan juya can faɗi tashi, su kuma matan na ta cusa zombi a tsakani. Abu biyu ke faruwa anan. Na ɗaya farar hula ya ƙwace muryar ofisa yana ba sojoji oda, kuma a bainar jama'a. Na biyu zagin ba daga bakinsa yake fita ba, daga bakin mata yake fita, sannan daga bakin duk wanda ke wurin, tunda kalma ce mai gaɓa biyu da ko yaro zai iya kamawa a ji ɗaya. Ka tuna yadda soja ke ji da mazantakarsa sannan ka auna abin da ake nufi da mata su taru suna masa wannan kirarin. Shi yasa waƙar ta fita daga faifai ta shiga titi, mutane a Legas suka riƙa jefa wa soja kalmar in ya wuce. Gwamnati na iya hana gidan rediyonta sa faifai amma ba ta da yadda za ta yi da kalma ɗaya da ta riga ta zauna a bakin 'yan kasuwa da kwandastoci. Can wajen ƙarshe kuma za ka ji an busa irin busar bigilar bariki da saksofon kafin a rufe, ka sa wannan ma a lissafinka.

Yadda nake sa ɗalibaina su yi shi ne su ja layi su raba takarda gida huɗu, minti da sakan a gidan farko, abin da baki ya faɗa da wanda ya faɗe shi a na biyu, abin da kayan kiɗa ke yi a na uku, sai na huɗu abin da kai kake ganin haɗuwar biyun ta haifar. Duk inda wani abu ya canza, sabon kayan kiɗa ya shigo ko wani ya yi shiru ko murya ta tashi, ka tsayar ka rubuta lokacin. Kalmomin da ka sani sun ishe ka, turke, gindin waƙa, ɗiya, jagora, amshi, rauji, take. Kuma kowane wuri tambaya ɗaya ce, kiɗan na goyon bayan baitin ne, ko yana ƙaryata shi, ko yana faɗin abin da baitin ya ƙi faɗa.

Toh yanzu siyasa. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya cika babi guda da tarihin Nijeriya tun daga haɗewar 1914 har zuwa yau, sannan ya shiga waƙar ba tare da babin nan ya taɓa ta ko sau ɗaya ba. Abin da ake so shi ne ka ɗauko daga tarihin abin da ke bayanin wani zaɓi da mawaƙin ya yi, sauran ka bar shi. Ga misali. A 1976 Nijeriya ta shekara 10 a hannun soja tun juyin mulkin Janairun 1966. Kafin yaƙin basasa sojan ƙasar bai fi wajen dubu 10 ba, ana gama yaƙin a 1970 ya kai kusan dubu 250, barikokin ba su ishe su ba, da yawansu a cikin unguwanni suke haya tare da farar hula. Kenan soja a wurin ɗan Legas ba wani abu bane da yake gani a talabijin, maƙwabcinsa ne, shi ne wanda ke tsaye a titi da bulala yana dukan direbobi da sunan gyara cunkoso. Wannan shi ya bayyana maka dalilin da habaicin bai buƙaci suna ba, kowa na da zombin da ya sani a layinsu. An kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, Obasanjo ya hau, aka harbe waɗanda aka samu da hannu a yunƙurin juyin mulkin Dimka da ya jawo kisan, babu jam'iyyu babu majalisa, to a irin wannan yanayi gidan rawa da faifai sun zama wurin da ake faɗin abin da babu inda za a faɗe shi. Haka zaɓin harshe. Fela Bayarabe ne ɗan boko da ya yi karatun kiɗa a Landan, yana iya Yarabanci yana iya Turancin Ingila, amma ya zaɓi buroka saboda ita ce ke haɗa Legas mai ƙabilu barkatai, kuma ita ake ji har Ghana da Kamaru, sannan shi kansa sojan da ake yi dominsa yana jinta sarai.

Wani abin kuma da ya kamata ka kiyaye shi ne tsarin lokaci, me ya riga me. An yi bikin FESTAC, wato bikin al'adun baƙar fata na duniya, a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, Fela ya ƙi shiga, ya zauna a Shrine yana wasa yana caccakar gwamnati, baƙin da suka zo bikin daga ƙasashen waje suna zuwa kallonsa da dare. Kwana shida da rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairu 1977, sojoji kimanin dubu suka kewaye gidansa da ya sa wa suna Jamhuriyar Kalakuta, suka lakaɗa wa mutanen gidan duka, suka ci zarafin mata, suka banka wa gidan wuta, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga daga bene. Tsohuwa ce mai shekara 76, wadda ta jagoranci matan Abeokuta a zanga-zangar haraji har sarkinsu Alake ya sauka daga karaga a 1949. Ba ta ƙara samun lafiya ba har ta rasu a Afrilun 1978. Binciken da gwamnati ta sa aka yi ya ce wai sojojin da ba a san ko su waye ba ne suka ƙona gidan.

Na sha karanta furojet da ke cewa a cikin Zombie ana jin baƙin cikin Fela na abin da aka yi wa mahaifiyarsa. Wannan ba zai yiwu ba, waƙar ta riga harin. Wanda ya rubuta haka ya ɗauko abin da ya sani daga baya ne ya zuba a kunnensa. Kuma da ya saurara da kyau da ya ji babu makoki a cikinta, akwai izgili da ƙarfin hali na mutumin da yake ganin ya fi ƙarfin abokin faɗansa. Haka kuma kar ka rubuta cewa waƙar kaɗai ce ta jawo harin. Tana ciki babu shakka, amma akwai tsohuwar gaba tun kamen da 'yan sanda suka yi masa a 1974, akwai kunyar da ya ba gwamnati a gaban baƙin FESTAC, akwai kiran gidansa jamhuriya a cikin jamhuriya, sannan a ranar akwai rikicin da ya haɗa yaransa da sojoji a kan titi. Mai nazari na gaskiya zai jera su ya ce waƙar ɗaya ce daga ciki.

In kana son ka tabbatar abin da kake ji a kiɗa yana nan da gaske ba kai ka ƙirƙire shi ba, hanya mafi sauƙi ita ce kwatance da wata waƙar ta mawaƙin. Ɗalibi zai ce doguwar shimfiɗar kiɗa kafin baiti alama ce ta bijirewa. Sai in ce masa je ka ji Lady ko Shakara na 1972, waɗanda ba gwamnati suke zagi ba, za ka tarar da doguwar shimfiɗar nan a can ma. Kenan wannan salon gidan ne, ba saƙon Zombie bane, abin da ya keɓanta da ita shi ne kamannin busar bariki da muryar saje da saurin. Sannan ka juya ka ji waƙar da ya yi bayan harin, Unknown Soldier ta 1979, wadda sunanta ma daga sakamakon binciken nan aka ɗauko shi. Mawaƙi ɗaya, abokan gaba ɗaya, amma tafiyar kiɗan ta yi sanyi, tsawonta ya kai wajen rabin awa, habaici ya ƙare ya koma ba da labari dalla-dalla kamar mai ba da shaida a kotu, kuma da ya iso kan mahaifiyarsa sai ya tsaya yana nanata magana ɗaya muryar na rawa. In ka ajiye waƙoƙin nan biyu gefe da gefe ka nuna abin da ya canza a baiti da abin da ya canza a sauti, sannan ka nuna 18 ga Fabrairu 1977 a tsakaninsu, wallahi ka gama babinka na siyasa, kuma babi ne da ya fito daga cikin waƙar ba wanda aka manna mata ba.

Akwai wani abu da ni kaina yake damuna game da waƙar kuma ina so ka sa irinsa a aikinka, don nazari ba yabo bane. Wa ake wa dariya a Zombie? Wanda ake ba oda, wato kurtu. Janar ɗin da ke ba da odar, wanda ya san inda kuɗin man fetur ke tafiya, bai fito a matsayin abin dariya ba, hasali ma muryarsa Fela ya ara. Kurtun nan kuwa ɗan talakawa ne, da yawa daga ƙauyuka aka kwaso su lokacin yaƙi, cikinsu har da 'yan arewa da yawa, ba su da wata sana'ar. Ana iya kare Fela a ce tsarin da ke mayar da mutum haka yake suka, kuma ɗaya waƙar da ke bayan faifan, Mister Follow Follow, ta faɗaɗa zancen zuwa duk mai bi ido rufe ko soja ne ko farar hula. Duk da haka wanda ya ji zafin a jikinsa, wanda yara suka bi da kalmar a titi, shi ne na ƙasa, kuma irinsa ne aka turo Kalakuta. Ban ce wannan ya wanke abin da suka aikata ba ko kaɗan. Ina cewa ne in ka tambayi kan wa amshin ke sauka, za ka ga iyakar waƙar kamar yadda ka ga ƙarfinta.

Ban san waɗanne waƙoƙi ka zaɓa ba tunda baka faɗa ba, amma in na Hausa ne hanyar ba ta canza ba, sai dai wurin da za ka sa kunne. In waƙoƙin zamanin NEPU ne na shekarun 1950, da yawansu rubutattu ne da ake rerawa a taro ba kayan kiɗa, to anan kiɗan naka shi ne kari da rauji da amshin da jama'a ke karɓa, ka bincika ko an ari muryar wata waƙar da mutane suka riga suka sani, musamman ta addini, domin aron murya na ɗauko darajar waccan ya ɗora wa wannan. In na kalangu ne ko kotso ka nemi makaɗi ko dattijon da ya san take ya fassara maka abin da gangar ke cewa, sau da yawa zambon da baki ya ji tsoron faɗa ganga ce ke faɗinsa. In kuma na sitidiyo ne na yanzu da ake haɗawa da fiyano, ka nemi ranar da aka saki waƙar takamaimai, ka gano ko kafin zaɓe ne ko bayansa, ka kuma bincika wa ya biya kuɗin sitidiyon, don waƙar da ɗan takarar adawa ya ɗauki nauyinta tana iya zagin gwamnati daga farko har ƙarshe amma waƙar kamfe ce, ba irin wadda muke magana a kai ba. Ka turo min sunayen waƙoƙin da shekarar kowacce, da takardar nan mai gida huɗu ko ta waƙa ɗaya ce, sai mu duba tare kafin ka mayar wa malaminka.